Ciniki na biyu: abin da ke dawo da kwastoma a kasuwar waya

A Kano, Kaduna, Zariya, Maiduguri da sauran biranenmu, da wuya ka buɗe WhatsApp da safe ba ka ci karo da hoton atamfa, ko kwalbar humra, ko robar yaji, ko takalman yara da wata 'yar uwa ta ɗora a Status ba. Mata da yawa da ba su da shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari sun mai da wayarsu shago, kuma ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023 ya koya wa har waɗanda ba su saba ba biyan kuɗi ta taransifa. Sai dai kukan masu wannan sana'a kusan iri ɗaya ne: masu kallo sun yi yawa, masu saye ba su da yawa, wanda ya saya sau ɗaya kuma sai ya ɓace kamar bai taɓa sanin lambar ba.

Maganin da aka fi gudu zuwa gare shi shi ne neman ƙarin mabiya. A biya wani shafi mai jama'a ya yi talla, a yi rabon kyauta, a ninka hotunan da ake ɗorawa. Ni a ganina wannan kuskuren lissafi ne, kuma shi ke cinye jarin mata da yawa ba tare da sun gane inda kuɗin ya bi ba. Ribar irin wannan kasuwanci tana cikin ciniki na biyu da na uku, kuma abin da ke kawo su wasu 'yan ayyuka ne ƙanana da ake maimaitawa kullum, kowane mako, kowane wata, ko ana jin daɗi ko ba a ji.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ƙaddara wata mata ce a Kano mai haɗa turaren wuta da humra a gida: sandal, hawi, gab-gab, kajiji, da humra fara da baƙa. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, kowa ya sa nasa a gurbinsu. Tana sayar da kwalba a kan naira 8,000, ribarta a ciki 2,000 ce. Tana da mabiya 3,000 a Instagram, a wata kuma mutum 40 ne ke saye. Idan ta biya wani shafi naira 20,000 ya yi mata talla, tallan ya kawo mata masu saye goma, to kowane sabon kwastoma ya ci mata 2,000 kafin ya iso. Wato ribar cinikin farko ta tafi gaba ɗaya wajen nemo shi. Idan bai dawo ba, aikin banza ta yi: ta tsaya kan wuta, ta ɗura, ta naɗe, ta aika, ta tashi ba ko kwabo. Amma matar da ke ƙarar da kwalba a mako shida, idan ta riƙa dawowa, za ta saya wajen sau takwas a shekara, ribar 16,000 ke nan daga mutum ɗaya, ba a sake biyan kowa kuɗin talla ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan lissafin ya dogara.

Littafi kafin komai

Tsofaffin 'yan kasuwar Kwari suna riƙe kwastomominsu a ka. Alhaji ya san wace Hajiya ce ba ta son ja, wace ce ke zuwa sayen lefe duk bayan ƙaramar Sallah, wa ake yi wa ragi ba tare da ya tambaya ba. Yana iya haka ne don yana ganin fuska. Mai sayarwa ta waya ba ta ganin fuskar kowa, lambobi kawai take gani, sau da yawa ma ba suna sai hoton fure ko na jariri. Abin da Alhaji ke riƙewa a ka, ita dole ta rubuta.

Littafin makaranta mai fadi ya isa. Duk wadda ta saya tana da layi: sunan da take so a kira ta da shi, lambarta, gari da unguwa, abin da ta saya, ranar da kayan suka isa hannunta, ta hanyar wa ta san mai turare, da fili ɗaya na abin lura. Wannan fili na ƙarshe shi ne mai daraja. A nan ake rubuta cewa maigidanta ba ya son ƙamshi mai ƙarfi, ko ɗanta yana da asma don haka ba ta turara ɗaki sai tufafi, ko ƙanwarta za ta yi aure bayan babbar Sallah. Ba tambayar ƙwaƙwaf ake yi a samo waɗannan ba. Mutane da kansu suke faɗa a tsakiyar ciniki, mai sayarwa ce ke bari su wuce ta kunne.

Manhajar WhatsApp Business, wadda aka fitar a 2018 kuma kyauta ce, tana da abin da ke taimaka wa littafin. Akwai Labels, wanda wasu wayoyin ke nunawa da sunan Lists, inda ake liƙa wa kowace hira alama mai launi. Tana zuwa da nata, irin su New customer da Pending payment, amma ana iya ƙirƙirar wasu da Hausa. Mai turarenmu guda huɗu suka ishe ta: wadda ta yi tambaya ba ta saya ba, wadda ta saya sau ɗaya, wadda ta dawo, da wadda ta yi ƙorafi. Duk da haka kada alamar waya ta maye gurbin takarda. Ƙwacen waya ba baƙon abu ba ne a biranenmu, kuma WhatsApp kan rufe lamba, musamman ta mai amfani da jabun manhaja irin GB WhatsApp. Ranar da hakan ta faru, littafin nan ne kaɗai kasuwar da ta rage.

Safiya, da amsar "nawa?"

Mafi yawan masu kallo da kalma ɗaya suke fara magana: "Nawa?" Yadda aka amsa wannan kalmar, da lokacin da aka ɗauka, su ke raba wadda za ta saya da wadda za ta wuce. Mace mai aikin gida da yara ba za ta iya zama kan waya yini guda ba, kuma ba a bukatar hakan. Abin da ake bukata shi ne lokuta sanannu: a ce bayan an sallami 'yan makaranta, bayan azahar, da bayan isha'i. A rubuta lokutan a Away message yadda wadda ta yi magana da tsakar dare za ta san yaushe za ta ji amsa. Mutum yana iya jiran awa uku idan an faɗa masa awa uku ne. Shirun da ba a san ƙarshensa ba shi ke tura shi wajen wata.

Sannan a daina ɓoye farashi. Ɗabi'ar nan ta sa hoto ba kuɗi, a ce sai an biyo ta saƙo, tana korar mai kunya da mai ƙaramin ƙarfi, tana kuma sa mutane zargin kowa da nasa farashin. A rubuta kuɗin a jikin hoton, a bar saƙo ga tambayar da ta fi kuɗi muhimmanci.

Tambayoyin da ke maimaituwa, kamar lambar asusu, kuɗin aike zuwa Kaduna ko Sakkwato, da yadda ake amfani da kowane turare, ana adana amsarsu a Quick replies. Da an danna alamar / sai su fito a zaɓa. Wannan yana rage wahala ƙwarai, amma yana da tarko. Idan kowace amsa gwangwani ce, kwastoma tana ganewa. Ƙa'idar da nake ganin ta fi ita ce a fara da gaisuwa da sunan mutum da hannu, a saka shiryayyiyar amsar a tsakiya, a rufe da tambaya guda wadda ta shafe ta ita kaɗai. Ga yadda hakan ke kasancewa:

"Nawa ne wannan?"

"Wa alaikumus salam Hajiya, barka da yamma. Wannan hawi ne, 8,000 kwalba. Na ɗaki kike nema ko na kaya?"

"Na kaya. Amma Anti ina tsoron mai hayaƙi da yawa, yarona yana tari."

"Allah ya ba shi lafiya. To kar ki ɗauki wannan, yana da ƙarfi. Ki gwada ƙaramar kwalbar sandal, ki turara kayan a waje ko a ɗakin da ba ya kwana, garwashin kuma ki bari ya lafa kafin ki zuba."

A nan mai turare ta sayar da ƙaramar kwalba maimakon babba, ta rage wa kanta ciniki da hannunta. Amma matar can ta ga an hana ta abin da zai cutar da ɗanta alhali ana iya karɓe mata kuɗi a yi shiru. Irin wannan ba a manta shi, kuma shi ake ba ƙawaye labari.

Kwana uku bayan kaya sun isa

Idan za a ce in zaɓi aiki ɗaya tak daga duk wannan rubutu, wannan zan zaɓa. Mafi yawan masu sayarwa hirarsu da kwastoma tana ƙarewa ne a "na ga alat, na gode." Daga nan ba su sake magana sai ranar da suka kawo sabon kaya. Kwastoma kuwa tana lura: ba a tuna ta sai ana son kuɗinta.

Tsarin yana da matakai uku, kuma dukkansu daga littafi ake duba su kowace safiya. Na farko ranar aikawa: a tura mata hoton ƙunshin da sunanta a jiki, lambar direban tasha ko ɗan aiken, da lokacin da motar ta tashi. Wanda ya taɓa tura kuɗi ga mutumin da bai taɓa gani ba ya san irin fargabar da ke tsakanin fitar kuɗi da isowar kaya, balle yanzu da 'yan damfara suka cika kasuwar waya. Wannan hoton yana kashe fargabar.

Na biyu bayan kwana uku da isar kayan. An zaɓi uku ne don a ranar farko ba ta gwada ba, bayan mako kuma idan akwai abin da ya ɓata mata rai ta riga ta yanke hukunci, wataƙila ta riga ta faɗa wa mutum biyar. Saƙon gajere ne, kuma ba talla a cikinsa ko kaɗan. Saƙon murya na daƙiƙa ashirin ya fi rubutu, don yawancin kwastomominmu sun fi sakewa da murya, kuma murya ba ta kama da saƙon da aka tura wa kowa. Tambayar ma akwai dabara a cikinta. Idan aka ce "ya kika ji turaren?" amsar ita ce "ma sha Allah, ya yi," ko da bai yi ba, saboda kara da kunya ba sa barin Bahaushiya ta kushe kayan mutum a fuskarsa. Sai dai ta yi shiru ta koma wajen wata. Don haka a yi tambayar da ke buɗe ƙofar gaskiya: "Hajiya, ƙamshin yana kwana a kaya ko yana saurin tashi? Wasu sun ce na wannan haɗin bai kai na baya kama jiki ba, ina so in ji naki." Sharaɗi dai ya zama gaskiya ne wasu sun faɗa. Idan ba wanda ya faɗa, a tambaya kai tsaye me za a gyara. Abin nufi shi ne a nuna mata cewa kushe ba zai ɓata zumunci ba.

Na uku shi ne lokacin da kayan ke gab da ƙarewa. Mai turare ta san kwalbarta tana kai mako shida a gida mai matsakaicin amfani, don haka a mako na biyar take magana. Idan ta yi da wuri ta zama mai naci, idan ta makara matar ta riga ta saya a wajen maƙwabciya ko a gidan biki. Kowace sana'a da nata ma'aunin. Mai yaji da dakakken kayan miya wataƙila wata guda ne, mai atamfa kuwa ba ƙarewa take bi ba, lokuta take bi: gabanin azumi don ɗinkin Sallah, lokacin bukukuwa, ƙarshen wata idan albashi ya shiga. Bayan ciniki biyu ko uku littafin da kansa zai nuna ma'aunin kowace kwastoma, don wata tana ƙarar da kwalba a mako uku, wata sai ta yi wata uku. Idan aka yi magana sau ɗaya ba ta amsa ba, a bar ta. Sau biyu a jere ba amsa, a matsar da ita cikin waɗanda ake gaisarwa da Sallah kawai.

Ranar da kwalba ta fashe

Yanzu ga inda ake gane mai sana'a. A ce wata amarya a Gusau ta yi odar humra, aka ba direba a tasha, kwalbar ta isa a fashe, ta jiƙa kwalin. Ta turo hoto da saƙon murya cikin fushi. Amsar da aka saba ji ita ce: "Ni dai lafiya na ba da shi, ki yi magana da direba." Ta fuskar gaskiya wataƙila haka ne. Amma amaryar ba direba ta tura wa kuɗi ba.

Mu yi lissafin ba tare da ɓoye zafinsa ba. Sabuwar kwalba ta ci wa mai turare 6,000, sake aikawa a ce 2,500, jimla 8,500. Wannan ya haura ribar ciniki huɗu. Ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin jari, musamman tun da kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023. To amma a ɗaya hannun, amarya ce sabuwa mai gida, wadda za ta yi shekaru tana sayen turare, tana da dangin miji da ƙawaye masu shigowa ɗakinta su tambayi inda ta samo ƙamshin. Idan aka bar ta da fasasshiyar kwalba, an rasa 16,000 na shekara, an kuma sami mai ba da mummunan labari a garin da ake neman shiga. Ni zan ce a biya.

Yadda ake biyan ma yana da tsari. A amsa a ranar, kafin ta kwana da fushin. A fara da ban haƙuri ba tare da kawo sunan direba ba. A faɗi abin da za a yi da ranar da za a yi shi: "Amarya, ki yi haƙuri don Allah, wannan nauyina ne. Gobe Laraba zan aiko miki wata da motar safe, ba za ki ƙara ko sisi ba." Sannan a cika, don alkawari kaya ne, kuma saɓa shi a karo na biyu ya fi fashewar farko muni. Bayan haka a gyara sanadin: a naɗe bakin kwalba da salatif, a sa ta cikin leda, a cusa takarda a kwali yadda ba za ta motsa ba, a rubuta wa direba cewa kwalba ce.

Wannan yana da iyaka, kuma dole a faɗe ta tun kafin ciniki. Akwai masu cewa kaya sun lalace don su sami na biyu kyauta. Ƙa'idar da ke kare mai sana'a ita ce a nemi hoto ko bidiyo a ranar da aka karɓi kaya, a kuma rubuta kowane ƙorafi a littafi. Idan suna ɗaya ya fito sau uku a layin ƙorafi alhali sauran masu sayen wannan haɗin ba su ce komai ba, matsalar ba a kwalba take ba. Haka nan "ban ji daɗin ƙamshin ba" ba daidai yake da fashewa ba. Maganin wannan shi ne 'yar ƙaramar kwalbar gwaji ga sabuwar kwastoma kafin ta sayi babba.

Status, saƙon bai ɗaya, da zaure

Waɗannan uku mutane suna haɗa su wuri ɗaya, alhali kowanne da aikinsa da haɗarinsa. Status yana ɓacewa bayan awa 24, kuma ba mai ganinsa sai wadda ta ajiye lambarki kika ajiye tata. Saboda haka roƙon "Hajiya ki ajiye lambata, ni ma na ajiye taki" bayan ciniki na farko aiki ne na gaske, ba surutu ba. Ba tare da shi ba duk abin da kika ɗora ba zai kai gare ta ba. Haka ma Broadcast: yana ɗaukar mutum 256 a jeri ɗaya, saƙon yana isa ga kowa kamar ita kaɗai aka tura wa, amma wadda ba ta ajiye lambar ba ba za ta samu ba. Ana gane hakan idan aka duba bayanin saƙon aka ga wasu sunaye sun yi kwanaki bai isa gare su ba. Kada a yawaita shi. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma a tura wa wadda abin ya shafa. Idan mutane da yawa suka toshe lamba ko suka kai ƙararta, WhatsApp yana iya rufe ta.

Game da Status, hoto talatin a jere ba kasuwanci ba ne, gajiyar da mutane ne da cinye musu data, daga nan su danna Mute ba tare da kin sani ba. Alamar ita ce yawan masu kallo ya riƙa raguwa mako bayan mako alhali lambobin da ke wayarki ƙaruwa suke yi. Biyar ko shida a rana sun isa, kuma kada duka su zama talla. Bidiyon yadda ake jiƙa itacen sandal, bayanin dalilin da ya sa turare ke ƙauri idan garwashi ya yi zafi da yawa, yadda ake ajiye humra nesa da rana: irin wannan ne ke sa mai kallon da ba ta da kuɗi yau ta ci gaba da leƙowa har ranar da ta samu. Rana ɗaya sananniya, a ce duk Alhamis sabon haɗi ke fitowa, tana koya wa mutane lokacin dubawa.

Zaure kuwa, wato guruf, shi ne ya fi kowanne daɗi da haɗari. Yana ɗaukar har mutum 1,024, amma zauren kwastomomi ba yawa yake so ba. Shawarata a buɗe shi ga waɗanda suka saya sau biyu kawai, kuma da izininsu, ta hanyar tura musu gayyata su shiga da kansu. Jefa mutum a zaure ba a tambaye shi ba rashin ladabi ne, kuma yana tona lambarsa ga baƙi. Abin da 'yan zaure ke samu ya zama na gaske: su fara ganin sabon kaya kwana ɗaya kafin kowa, su ji labarin ƙarin farashi kafin ya fara aiki, a tambaye su wane haɗi za a sake yi. Idan aka tambaya aka kuma yi abin da suka zaɓa, a dawo a faɗa musu an yi. Mutum yana kare abin da yake jin da hannunsa a ciki.

A rufe zauren yadda masu kula da shi kaɗai ke iya rubutu, a buɗe shi a lokaci sananne, a ce yammacin Asabar na awa biyu. Zauren da aka bari a buɗe dare da rana, cikin mako biyu zai cika da saƙonnin da ake yaɗawa, muhawarar siyasa da ta malamai, da tallan wasu, mutanen kirki su fice ɗaya bayan ɗaya. Sannan kowa a zaure yana ganin lambar kowa. Daga nan ne wasu maza ke kwasar lambobin mata, daga nan ne kuma ɗan damfara ke sa hoton mai turare a tasa lambar, ya bi 'yan zaure ɗaya ɗaya da wata lambar asusu. Don haka a liƙa sanarwa a saman zaure cewa asusu ɗaya ne, ga sunan da ke kansa, ba a canza shi ta saƙo, a kuma maimaita duk wata. Mai zauren ta kunna Two-step verification, kuma kada ta taɓa ba kowa lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta saƙon waya, ko da ya ce taron addu'a ko na tallafi zai saka ta. Wanda ya karɓi waɗannan lambobin ya karɓe shagon da kwastomomin da ke ciki.

Wani abu da ke ɓata mini rai shi ne ɗora hoton hirar kwastoma a Status da sunanta da lambarta a fili, don nuna an yaba kaya. Yabon yana jawo ciniki, gaskiya ne. Amma akwai matar da ba ta so kishiyarta ko dangin mijinta su san abin da ta saya da nawa ta saya. A tambaye ta tukuna, a goge suna da lamba. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko babu doka, amana ce.

Gyara, bashi, da ƙidayar ƙarshen wata

Rabon kyauta na "bi shafina, ka kira mutum uku" yana tara jama'a, amma jama'ar kyauta ce, da an gama rabo sun watse. Kuɗin nan ya fi amfani idan aka mai da shi gyara irin wadda muka gada a kasuwa: 'yar kwalbar gwaji a cikin ƙunshin wadda ta dawo karo na uku, ba tare da an sanar ba. Tana faranta rai, tana kuma gabatar mata da haɗin da ba ta taɓa saye ba. Wadda ta kawo ƙawarta, a duba filin "ta hanyar wa" a littafi, a kira ta a yi godiya, a sa mata tukwici a odarta ta gaba. Ragi na kullum kuwa ba na ba da shawararsa, don yana koya wa mutane jiran ragi.

Bashi shi ne ke kashe tsohuwar kwastoma fiye da komai. Sabo ya yi sabo, sai ta ce a ba ta zuwa ƙarshen wata, kunya ta hana a ƙi. Wata ya ƙare ba ta biya ba, sai ta daina buɗe saƙo, ta daina kallon Status, idan turarenta ya ƙare ta saya da kuɗi a hannu wajen wata don kada a tuna mata. An rasa kuɗin, an rasa mutum. Hanyar da ta fi ita ce a juya abin: ta riƙa biya kaɗan kaɗan, a ajiye mata kayan da sunanta, ta cika ta karɓa. Idan an rubuta wannan a matsayin ƙa'idar kowa da kowa, ƙin ba da bashi ba ya zama cin fuska.

A ƙarshen kowane wata a zauna da littafi na rabin awa. Ba yawan mabiya za a ƙirga ba. A ɗauki waɗanda suka fara saye a wani wata, a ce Janairu, a duba nawa ne cikinsu suka dawo kafin ƙarshen Afrilu. Idan mai turarenmu ta sami sababbi 30 a Janairu, shida suka dawo, ɗaya cikin biyar ke nan. Ta yi haka ga 'yan Fabrairu da 'yan Maris. Idan bayan ta fara bibiyar kwana uku da tunatarwar mako biyar adadin ya koma tara ko goma cikin talatin, tsarin yana aiki. Idan ya tsaya cik duk da gaisuwa da kulawa, to ta daina zargin waya ta koma kan kaskonta: ko ƙamshin ba ya kama kaya, ko haɗin wannan wata ba ya kama da na wancan, ko kuɗin aike ya sa na unguwa ya fi araha. A nan sai ta zaɓi mutum biyar daga waɗanda ba su dawo ba, ta kira su da murya, ba da niyyar sayarwa ba, ta tambaye su dalili, ta rubuta amsar kowacce a layinta.